Ofishin Anti Dawo

A jami'a Anti Dawo suke ce mata. Mu a gida Gwaggo muke cewa, don ƙanwar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi tun ina firamare. Ita kuwa Babana take kirana, saboda sunan mahaifinsu aka sa mini. Karatuna bai yi nisa ba. Ina gama sakandare na kama gyaran fanka da injin ban ruwa, har yau a kai nake. Duk abin da na sani game da jami'a, a ofishin Gwaggo na ji shi.

Ofishin a ƙarƙashin matakalar ginin laburare yake. Idan ɗalibai suna hawa, sai ka ji ƙafafunsu a kanka kamar ana sauke buhuna. Akwai tebur biyu, da benci guda, da kabad na ƙarfe wanda sai an doke shi da gwiwa yake buɗewa, da wata fanka ta tsaye mai girgiza kai kamar ba ta yarda da abin da ake faɗa ba. A ƙofa an rubuta Ofishin Jagorancin Aiki, amma rana ta cinye rabin rubutun. Aikinsu shi ne taimaka wa ɗalibai su samu wurin horon sanin makamar aiki, wato 'yan watannin da ɗalibi ke barin aji ya je kamfani ko ma'aikata ya koyi aiki da hannunsa kafin a yaye shi.

Gwaggo ba da wannan ta fara ba. Mai buga takardu ce a ofishin rajista. Da aka buɗe sabon ofishin aka nemi wanda zai zauna da Darakta, kowa ya noƙe, don ba a ga abin da ke ƙarƙashin matakala ba sai ƙura. Ita ta karɓa saboda ya fi kusa da bakin titi, tana iya tashi ta ɗauko Auta daga makaranta. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, taubashiyata, kusan sa'ata.

Shekarun farko aikin Gwaggo allo ne. Ta yanko sanarwa daga jarida, ta liƙa da fil, ɗalibai su taru su kwafa, su aika takardu, shiru. Ta ce har ta fara jin kunyar allon. Wata rana wani tsohon ɗalibi, dogo ne ƙwarai, ya zo karɓar takardar shaidarsa, ruwa ya tsare shi, ya fake a ofishinsu. Ya tsaya yana karanta allon, sai ya yi dariya.

"Anti, a kamfaninmu na siminti watan jiya aka ɗauki 'yan horo, ban ga ko ɗaya daga nan ba."

"Ai ba ku yi sanarwa ba."

"Wa zai yi sanarwa don yara uku? Shugaban sashe ne ya ce wa ya san ɗalibai masu hankali. Kowa ya kawo wanda ya sani."

"Kai ba ka san kowa ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Gwaggo ta ce maganar nan ta bi ta har gida. Washegari ta faɗa wa Darakta, mutum ne mai sauƙin kai, ya ce ta gwada. Daga nan duk lokacin da tsofaffin ɗalibai suka zo karɓar takardu, sai ta ɗauki kujerar roba ta zauna a barandar rajista. Ta gaisa da mutum, ta tambayi inda yake aiki, ta ce ko zai yarda in ta turo masa ƙanensa ɗaya ya ba shi shawara. Wasu su zille, wasu su ba da lamba. Ba ta riƙe sunaye, kamanni take riƙewa. Akwai Dogo na siminti, akwai Mai Gilashi ta asibitin dabbobi, akwai Ango, wanda ya zo karɓar takarda ana saura kwana kaɗan bikinsa, har ya haifi 'ya'ya huɗu yana nan Ango a wayarta.

A hankali ta kafa dokokinta, ban taɓa ganin ta rubuta su ba. Ba ta ba ɗalibi lambar kowa sai ta fara kiran mai lambar ta nemi izini. Kafin ɗalibi ya tafi sai ya kawo sibi, wato takardar da ke nuna karatunsa da abin da ya iya, ta bi ta da jan biro. Na sha ganin ƙato da gemu yana zufa a kan bencin nan.

"Ka rubuta kana da ƙwarewa a kwamfuta. Wace ƙwarewa?"

"Ina… amfani da ita, Anti."

"Ni ma ina amfani da mota, ban iya tuƙi ba. Rubuta abin da ka taɓa yi da ita."

Kuma ba ta yarda a je a roƙi gurbi kai tsaye. Takan ce wanda ka roƙa gurbi, in ba shi da shi, hira ta ƙare a bakin ƙofa. Ka nemi ya ba ka ɗan lokaci, ka tambaye shi yadda aikin yake, me suke so ɗan horo ya iya, yaushe suke ɗauka. In za ka tashi ka ce, wa kake ganin ya kamata in gani? Sai ta bi ɗalibi har ƙofa da magana guda: "Ka dawo ka faɗa mini." Ko an samu ko ba a samu ba, sai ka dawo, don ta kira mutumin ta yi godiya, ta kuma san ko za ta sake turawa. Nan sunan ya samo asali. Wanda bai dawo ba, ko a kasuwa ta gan shi sai ta tare shi.

A cikin mutanenta duka babu wadda take ji da ita kamar Mai Jan Takalmi. Tana ɗaliba ta zo ofis ranar da za ta je ganawa, da jan takalmi mai tsini na aro, tana tafiya kamar mai tsallaka rafi. Gwaggo ta cire nata baƙin takalmin ta ba ta, ta wuni a ofis da safa. Yarinyar ta samu horon, ta samu aiki, har ta zama shugabar ɗakin gwaji a ma'aikatar tace ruwan sha. Kowace shekara takan ɗauki 'yan horo biyu daga hannun Gwaggo. Ga ɗaliban kimiyyar sinadarai babu wurin da ya kai nan, don a can ana barin ɗalibi ya taɓa na'ura, ba aiken sayen abinci ba.

Shekarar da Gwaggo za ta yi ritaya ita ce shekarar da horon Auta ya zo. Sinadarai take karantawa. Sashensu ya sa ranar da kowa zai kawo takardar amincewa daga wurin da ya karɓe shi, kuma dole wurin ya kasance yana da ɗakin gwaji. Wanda bai kawo ba sai ya jira shekara mai zuwa ya tafi da 'yan ajin ƙasa.

Auta ta rantse ba za ta taka ofishin uwarta ba. Ta ce ba za a nuna ta a ce 'yar Anti Dawo ce shi ya sa. Ta zauna tana jiran sanarwa a waya. Wasu manyan kamfanoni biyu sun fitar, ta cike, ta aika. Kullum da yamma in na dawo daga shago sai in tarar da ita a tsakar gida tana jan fuskar waya da yatsa.

"Likitar ruwa, sun kira?"

"Mai Fanka, je ka wanke hannunka, ka ishe ni da warin girisi."

"In ba su kira ba ki zo shagona. Ina da ɗakin gwaji, akwai batir da ruwan batir."

"Allah ya kiyashe ni."

Gwaggo tana jin mu, tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. Sai da makonni suka ja, ta ce, "Auta, kin san mutum nawa suka aika wa kamfanonin nan takarda? Duk jami'o'in ƙasa. Ban ce kada ki aika ba, ki aika. Amma kada ki zauna a kai."

"Umma, ni ba na son alfarma."

"Alfarma ita ce a ɗauke ki ba ki iya ba. Ni ban taɓa ɗaukar kowa ba. Ƙofa nake nunawa, mutum ya shiga da ƙafarsa."

Saura makonni kaɗan a rufe, Auta ta sauko. Ranar na je duba fankar ofis, ta daina juyawa, sai ga ta ta shigo ta zauna a ƙarshen benci tana kallon silin. Da layi ya zo kanta Gwaggo ta gyara gilashi.

"Sunanki?"

"Umma, don Allah."

"A nan babu Umma. Wane sashe?"

Darakta ya tusa kansa cikin fayil, kafaɗunsa na rawa. Sibin Auta ta sha jan biro fiye da ta kowa. Sai da ta gyara ta sau biyu kafin Gwaggo ta gamsu, ta kai wa Darakta ya duba shi ma, don kada a ce uwa ce ta duba 'yarta. A wannan shekarar Mai Jan Takalmi ta ce a turo mata uku ta gana da su, ta zaɓi biyu. An riga an tura wani yaro mai in'ina da wata yarinya 'yar ajin su Auta, sun gana, suna jiran amsa. Gwaggo ta kira ta nemi izinin ta uku, ta faɗa mata gaskiya cewa 'yarta ce, kuma kada a duba wannan. Sannan ta rubuta lambar a 'yar takarda.

"Wannan taki ce ke kaɗai. Ki fara tura saƙo, ki faɗi sunanki da wanda ya turo ki, ki tambayi lokacin da ya dace ki kira. Ki dawo ki faɗa mini."

Auta ba muguwa ba ce, tausayi ne ya yi mata yawa. Ta koma aji ta tarar fiye da rabin 'yan ajinsu ba su da wuri, wata ma tana kuka a bayan aji. Ta dubi takardar hannunta, ta ji kamar ta saci wani abu. Sai ta ɗauki lambar ta sa a gurup ɗin ajinsu na waya, ta rubuta cewa ana ɗaukar 'yan horo a ma'aikatar ruwa, kowa ya gwada sa'arsa. Daga gurup ɗinsu wani ya tura na wani sashe. Kafin la'asar lambar ta bar jami'ar ma.

Washegari da yamma muna tsakar gida wayar Gwaggo ta yi ƙara. Ta ɗauka da fara'a, "'Yata ta kaina." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai "To." "Na ji." "Kin yi gaskiya." Da ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon farantin da ke cinyarta.

Abin da ya faru shi ne, tun safe wayar Mai Jan Takalmi ba ta huta ba. Tana taro da manyanta ana kira. Wani ya kira ya ce, "Ke ce mai ba da gurbi?" Wata ta turo hoton katin makarantarta ba ko sallama. Wasu suka tafi har ƙofar ma'aikatar suna ambaton sunanta ga masu gadi, har manaja ya kira ta ya tambaya ko ta buɗe ofishin ɗaukar aiki ne bai sani ba. Ta ce bana ba za ta ɗauki kowa daga jami'ar ba, har biyun da ta gana da su.

"Auta," in ji Gwaggo, muryarta ƙasa ƙasa. "Wa kika ba lambar?"

Auta ba ta yi musu ba. Ta faɗi abin da ta yi, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Umma, me ya sa ni zan samu su ba su samu ba? Don ni na san ki?"

"Duk wanda ya zo benci na yi masa abin da na yi miki."

"Su nawa suka san da bencin? Wallahi a ajinmu akwai masu zaton wurin ajiye tsintsiya ne. Wasu kuma sun ɗauka sai mai hanya ake saurara."

Na zaci Gwaggo za ta yi faɗa. Sai ta kwashe waken da ya zube a zaninta ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kin faɗi gaskiya," ta ce. "Amma lambar ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Aro aka ba mu. Da kin kawo mini su benci, da na raba su wurare. Yanzu kin tura su duka ƙofa ɗaya, ƙofar ta rufe, har da yaran da ba su ji ba ba su gani ba."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Gwaggo ta shiga kiran mutanenta tana nema wa mai in'ina da ɗayar yarinyar wuri. Dogo ya ce nasu sun cika tun wancan watan. Mai Gilashi ta ce za ta tambaya, amma ba ta yi alkawari ba. Sunan Auta kuwa ban ji Gwaggo ta ambata wa kowa ba. Na same ta a kicin na ce, "Gwaggo, ita fa?"

"Babana, da wane baki? In kira mutum in ce ga wadda ta watsa lambar 'yar'uwarka, ba ni taka?"

"Shekara guda fa za ta rasa."

"Na sani," ta ce, ta juya tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Abin da Gwaggo ta yi shi ne abin da ba ta taɓa yi ba a duk shekarunta. Ta roƙi malaman sashen su ba ta ɗan lokaci a ƙarshen darasi, ta hau bene da ciwon gwiwarta, ta tsaya gaban ajin su Auta ta ce ita ce Anti Dawo, ofishinta na ƙarƙashin matakala, ba a biyan komai, ba a tambayar ɗan wane ne. Washegari benci bai ishe su ba, har kan matakala suka zauna. Ta ce kowa ya fara da gidansu: wa ka sani da ke aiki inda ake gwada wani abu, ko ruwa, ko magani, ko fenti, ko abincin kaji? Wani ya tuna mijin yayarsa, wata ta tuna maƙwabcinsu. Darakta ya yi ta sa hannu a takardun gabatarwa har biro ya ƙare. Ba duka suka samu ba, amma da yawa sun samu.

Ana cikin makon ƙarshe Auta ta zo shagona da safe. Ta sa doguwar riga mai duhu, ba kwalliya.

"Mai Fanka, kai ni ma'aikatar ruwa."

"Umma ta sani?"

"Na faɗa mata. Ta ce ba ita ta aike ni ba, kuma ba ta hana ni ba."

Na goya ta a babur. Masu gadi da suka ji daga jami'a take suka haɗe rai. Ta rubuta 'yar takarda ta ba su: ni ce na watsa lambarki, na zo ba da haƙuri, ba gurbi nake nema ba. Muka zauna a kan dakalin ƙofa, muna jin ƙarar injina da warin maganin ruwa, har inuwa ta matsa ta bar mu a rana. Sannan aka ce ta shiga. Ni na tsaya wajen babur. Abin da ya gudana a ciki, daga bakin Auta na ji shi a hanyar dawowa, ta kafaɗata, iska na kwashe rabin maganar.

Ta tarar da mace gajera cikin farar rigar aiki, tana rubutu a jikin kwalabe, ba ta ce ta zauna ba.

"Ke ce mai rabon lambata sadaka?"

"Ni ce, Anti. Umma ta ce tawa ce ni kaɗai, na saɓa. Waɗancan biyun ba su san komai ba. Su na zo roƙa wa."

"Kin san har daga wani gari an kira ni? Wani ma cewa ya yi in babu gurbi in taimaka masa da kuɗin mota."

"Ki yi haƙuri."

Mai Jan Takalmi ta ci gaba da rubutunta. Can ta ce yaron nan mai in'ina ya burge ta, shi kaɗai ya tambaye ta abin da suke yi in sakamakon gwaji ya fito ba daidai ba. Ta ce za ta yi wa manaja magana a kan su biyun, a zo a karɓi takardunsu jibi.

"Ke kuwa ba zan ɗauke ki ba. A ɗakin nan in na ce kwalbar nan kada a buɗe, ina so in juya baya hankalina kwance."

Auta ta yi godiya, ta juya za ta fita, sai ta tuna ai babu sauran abin da za ta rasa. Ta ce ko za ta iya yin tambaya, ba ta gurbi ba. Ta tambayi abin da ɗan horo ya fi yawan ɓatawa a makon farko. Aka ce wankin kwalabe, kowa yana raina shi, shi ne kuma ke lalata sakamako. Ta tambayi abin da ya kamata ta karanta kafin ta je ko'ina. Tambaya ta jawo tambaya, har aka tura mata kujera da ƙafa. Da za ta tashi, sai ta ji bakinta ya faɗi maganar da ta sha ji tun tana yarinya tana aikin gida a kan teburin ofis.

"Anti, wa kike ganin ya kamata in gani?"

Mai Jan Takalmi ta dube ta, ta yi dariyar farko. "Har muryar iri ɗaya." Ta ɗauki waya ta kira wani da suka yi aiki tare a da, yanzu shi ke kula da ingancin kaya a wata ƙaramar masana'antar sabulu a bayan gari. Auta tana tsaye tana ji aka ce, "Akwai wata yarinya. Tana da kai, tana da tambaya, amma ta yi mini ɓarna, zan ba ka labari. In ka ga za ka iya, ka gan ta." Ta saurara, ta ajiye wayar.

"Ya ce ki zo gobe da sibi da takardar makaranta. Bai ce ya ɗauke ki ba. Kuma ba zan ba ki lambarsa ba, kwatance zan yi miki."

Masana'antar sabulun ba ta taɓa ɗaukar ɗan horo ba, ba ta taɓa yin sanarwa ba, ko allon suna mai kyau ba ta da shi. Ɗakin gwajinsu bai fi shagona girma ba. Mutumin ya yi wa Auta tambayoyi, ya sa ta auna wani abu a gabansa, sannan ya shiga wurin mai masana'antar ya daɗe. Ana gobe rufewa ta kai wa sashensu takardar amincewa, malamin da ke kula da horo ya kira ya tabbatar akwai ɗakin gwaji, ya buga hatimi. Wata shida ta yi tana shiga mota biyu, tana dawowa gida da ƙanshin sabulu har cikin gashinta. Na ce mata ko ba komai an huta da sayen turare.

Amma abin da na fi tunawa shi ne ranar da ta kai takardar. Daga sashensu ba gida ta nufa ba. Ina ofis ina ɗaure wa fanka sabuwar waya, sai ga ta ta shigo ta bi layi a benci. Da aka zo kanta ta tsaya gaban tebur.

"Na dawo."

Gwaggo ta gyara gilashi. "To, faɗa mini."

Ta faɗa mata duka, har da maganar kwalbar da ba a buɗewa. Gwaggo tana ji tana gyaɗa kai. Da ta gama, Gwaggo ta ɗauki waya ta kira Mai Jan Takalmi ta yi godiya, kamar yadda take yi wa kowa. Sannan ta ce wa Auta, "Mutumin sabulun nan, yaya kamanninsa?"

"Yana da sanƙo, Umma."

"In kin yi wata biyu kin wanke kwalabe da kyau, ki tambaye shi ko baɗi zai yarda a turo masa ɗaya."

Baɗin ba Gwaggo ce ta tura ba, ta riga ta yi ritaya. An yi mata ɗan taro a barandar laburare, Dogo ya zo da furfura, Ango ya zo da babban ɗansa. Mai Jan Takalmi ba ta samu zuwa ba, ta aiko da kwali, a ciki baƙin takalmi ne marar tsini, daidai ƙafar Gwaggo. Mai Jan Takalmi ta canza lamba tun wancan lokacin, kuma ta ce daga yanzu ta ofis kawai za a riƙa nemanta, da takarda. Gwaggo ta ce ba ta ga laifinta ba.

Yanzu an mayar da ofishin sabon gini, hawa na biyu, da ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, kuma an ce duk farkon zango suna zagaya azuzuwa. Kwanaki aiki ya kai ni jami'ar, na leƙa ƙarƙashin matakala. Kujerun da suka karye ake tarawa a ciki. Allon yana nan, da ramukan fil, ƙafafu kuma suna ta wucewa a sama. Fankar kam tana gidan Gwaggo, Darakta ya ce ta tafi da ita tunda ba mai iya lallashinta sai ɗanta.

Jiya na je na sa mata mai. Gwaggo tana kan tabarma da gwiwarta a miƙe, tana tambayata labarin wani otal da na ce zan je neman kwangilar gyara. Na ce ban san kowa a can ba. Ta ce in tambayi mai sayar mini da waya, ai shi yake kai musu kaya, in ce ya haɗa ni da mai kula da gyare-gyarensu. Na ɗauki jakar kayan aikina, na kai bakin ƙofa ina neman takalmina, ina jira. Ba ta bari na daɗe ba.

"Babana, ka dawo ka faɗa mini."